Jimla ta yi daidai amma littafi bai yi ba: kurakuran da gwajin balas ba ya gani

A ƙarshen wata, idan mai riƙe da littafin kuɗi ya tara ɓangaren hagu ya tara na dama ya ga lamba ɗaya ce a ƙasa, sai ka ji ya ja dogon numfashi ya ce, "Ya yi balas." Daga nan sai ya rufe littafi, mai kamfani kuma ya ɗauka an gama. Na yi wannan kuskuren da kaina a farkon aikina, kuma na ga mutanen da suka fi ni daɗewa a kan tebur suna yinsa. Ba ƙarya suka yi ba, jimlar ta yi daidai. Matsalar ita ce sun ɗora wa wannan daidaito nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

Takardar da ake magana a kanta ita ce wadda akantoci ke kira tirayal balas, ni kuma zan riƙa ce mata gwajin balas. Jeri ne kawai na dukkan asusun da ke cikin laja, wato babban littafin kuɗi na kamfani, kowanne da ragowarsa, an ajiye masu ragowar debit a hagu, masu ragowar kiredit a dama, sannan a tara kowane ɓangare.

Abin da yake tabbatarwa

Tsarin shigar da kuɗi sau biyu tsoho ne. 'Yan kasuwar Italiya sun daɗe suna aiki da shi kafin Luca Pacioli ya wallafa bayaninsa a birnin Venice a shekarar 1494. Ƙa'idarsa ɗaya ce: duk abin da ya faru na kuɗi, a rubuta shi sau biyu, sau ɗaya a debit na wani asusu, sau ɗaya a kiredit na wani, kuma adadin ya zama ɗaya. An biya albashi daga banki, sai a rubuta debit a asusun albashi, kiredit a asusun banki. An sayar da kaya bashi, sai debit a asusun wanda ya karɓi kayan, kiredit a asusun ciniki.

Tunda kowace shigarwa tana da ƙafa biyu masu tsawo ɗaya, dole idan aka tara dukkan debit su yi daidai da dukkan kiredit. Wannan shi ne abin da gwajin balas yake dubawa, kuma iyakarsa ke nan. Idan ya yi daidai, yana gaya maka cewa jimlar abin da ka rubuta a hagu ta kai jimlar abin da ka rubuta a dama. Bai tambayi ko asusun da ka zaɓa shi ne ya dace ba. Bai tambayi ko adadin da ka rubuta shi ne a kan rasit ba. Bai ma san ko akwai abin da ya faru ba ka rubuta ba. Littafi ne ake aunawa da kansa, ba a fita waje an tambayi kowa ba.

Maganar za ta fi fitowa fili da misali. Ga gwajin balas na wani ƙaramin kamfanin saye da sayarwa a ƙarshen wata. Ban sa sunan kuɗin kowace ƙasa ba, domin lissafin ɗaya ne ko'ina. Don sauƙi, mu ɗauka ba a fara watan da kaya a sito ba, kuma duk abin da aka saro an sayar.

| Asusu | Debit | Kiredit |
|---|---|---|
| Banki | 420,000 | |
| Waɗanda muke bi bashi | 310,000 | |
| Injuna | 900,000 | |
| Sarin kaya | 1,150,000 | |
| Albashi | 240,000 | |
| Haya | 120,000 | |
| Gyare-gyare | 60,000 | |
| Jari | | 1,000,000 |
| Ciniki | | 1,850,000 |
| Masu bin mu bashi | | 350,000 |
| Jimla | 3,200,000 | 3,200,000 |

Tsaf, babu ko ɗigon bambanci. Idan ka cire sarin kaya da albashi da haya da gyare-gyare daga ciniki, riba ta kama 280,000. Riƙe wannan lambar a ranka, domin za mu ga abin da zai rage daga cikinta.

Takardar da ba ta taɓa shiga littafi ba

Kuskuren da ya fi kowanne sauƙin faruwa shi ne mantuwa gaba ɗaya. Mai kawo kaya ya sauke kayan 95,000 bashi a ranar 28 ga wata. Mai kula da sito ya ƙirga, ya sa hannu, ya karɓi takardar neman biya, ya ninke ta ya cusa a aljihun tebur da niyyar kai wa ofis gobe. Goben ba ta zo ba. Kayan kuwa sun fita, an sayar, an rubuta cinikinsu.

Me gwajin balas zai ce? Babu komai. Ba a rubuta debit na 95,000 a sarin kaya ba, ba a rubuta kiredit na 95,000 a asusun mai kawo kayan ba. Hagu ta rasa, dama ta rasa, kuma adadi ɗaya suka rasa. Amma duba ɓarnar: littafi yana nuna cinikin kayan da bai san an saro su ba, don haka riba ta kumbura da 95,000, bashin da ake bin kamfani kuma ya ragu da 95,000 a takarda. Mai kamfani zai kalli riba ya ciri kuɗi ya yi wata hidima, sai bayan mako uku mai kaya ya bugo waya yana neman haƙƙinsa.

Ba a gano irin wannan ta hanyar zura wa laja ido, ko da za ka kwana a kanta, saboda abin da kake nema ba ya ciki. Sai ka juya alƙibla: maimakon ka tashi daga littafi ka nemi takarda, ka tashi daga takarda ka nemi littafi. Ɗauki takardun karɓar kaya na sito, musamman na makon ƙarshen wata da na makon farkon wata mai kamawa, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ga ko kowace tana da 'yar'uwarta a littafin sari. Idan takardun suna da lambobi a jere, nemi lambar da ta ɓace. In ka ga 214 da 216, to ina 215? Sannan ka roƙi manyan masu kawo maka kaya su aiko da bayanin abin da suke bin ka, ka kwatanta da abin da ke littafinka. A misalinmu, mai kayan zai ce yana bin ka fiye da abin da ka rubuta da 95,000 cif, kuma nan take za ka san inda za ka duba.

Akwai kuma alamar da ke fitowa tun kafin a je ga takardu. Idan ka saba cin ribar kashi 30 cikin ɗari a kan kayan da ka sayar, sai wata guda ta yi tsalle zuwa kusan 38 ba tare da ka ƙara kuɗin kaya ba, kada ka yi saurin murna. Sau da yawa wani sari ne bai shiga ba.

Gyaran mai sauƙi ne: debit sarin kaya 95,000, kiredit mai kawo kaya 95,000. Riba ta sauko zuwa 185,000.

Kishiyar wannan kuskuren ita ce a shigar da takarda ɗaya sau biyu, misali asalinta ta zo yau, kwafinta ya biyo bayan kwana biyar, aka ɗauka wata sabuwa ce. Ita ma ba ta taɓa balas, kuma bayanin mai kawo kaya ne ke tona ta.

Gyara ne ko sabuwar kadara?

Wannan shi ne wanda na fi tsoro, domin ba kasala ce ke kawo shi ba. Wani lokaci rashin fahimta ne, wani lokaci kuma son rai.

Injin kamfani ya lalace, aka kira makaniki, ya canza abin da ya mutu, aka biya shi 70,000 ta banki. Mai rubutu ya ga kalmar inji a kan rasit, sai ya yi debit a asusun injuna, kiredit a banki. Ƙafa biyu sun cika, adadi daidai, ɓangare daidai. Abin da ya kauce shi ne irin asusun. Asusun injuna na kadara ne, wato abin da kamfani ya mallaka wanda zai yi masa aiki shekaru. Asusun gyare-gyare kuwa na kuɗin da aka kashe ne, wanda ake cirewa daga ribar wannan lokacin. Dukansu biyu a hagu suke zama, shi ya sa ko ka ɗauke 70,000 daga wannan ka kai wancan, jimlar hagu ba za ta motsa ba.

Tambayar da ke raba gardama ita ce: wannan kuɗin ya mayar da injin yadda yake a da ne, ko ya mai da shi abin da bai taɓa zama ba? Idan ya tsaya, aka gyara, ya ci gaba da aikin da ya saba, kuɗin gyara ne, a cire shi daga ribar bana. Idan an ƙara masa wani sashe da ya ninka abin da yake samarwa, ko ya tsawaita rayuwarsa fiye da yadda aka tsara tun farko, to ana iya lissafa shi cikin kadara. A misalinmu gyara ne zalla.

Illar ba ta tsaya a wata ɗaya ba. Kuɗin da aka binne a asusun injuna ba ya fita gaba ɗaya, sai dai ya riƙa ɗiga ta hanyar ragin darajar kadara. Idan ana raba darajar injin a kan shekara 10, wannan 70,000 zai riƙa fita 7,000 a kowace shekara. Ke nan bana riba ta kumbura sosai, sauran shekarun kuma kowace ta ɗauki wani ɗan nauyin da ba nata ba, ga kuma takardar kadarori tana nuna injin ya fi ƙimarsa.

Kada a ɗauka wannan matsalar ƙananan kamfanoni ce. A watan Yunin 2002, kamfanin sadarwa na WorldCom a Amurka ya bayyana cewa ya rubuta kusan dala biliyan 3.8 a matsayin kadara, alhali kuɗin yau da kullum ne da yake biyan wasu kamfanonin sadarwa don amfani da layukansu. Wannan ba mantuwa ba ce, da gangan aka yi don riba ta fito inda babu ita. Kowace shigarwa tana da debit da kiredit nata daidai wa daida, saboda haka babu gwajin balas ɗin da zai yi ƙara. Masu binciken cikin gida ƙarƙashin Cynthia Cooper ne suka gano, kuma hanyar da suka bi ita ce suka tsaya a kan shigarwar suka ce a nuna musu takardun da ke bayanta. A watan Yulin shekarar kamfanin ya shigar da takardar karyewa a kotu.

Hanyar kama shi a ƙaramin littafi ba ta bambanta ba. Duk abin da ya ƙaru a asusun kadara a cikin wata, buɗe shi layi-layi ka nemi rasit ɗinsa ka karanta abin da aka rubuta. Ba su cika yawa ba, aikin minti talatin ne. Ka kuma riƙe rajistar kadarori dabam, inda kowane inji yake da layinsa da ranar saye da kuɗinsa. Idan asusun injuna ya ce 900,000 amma rajista ta ce 830,000, sai ka tambayi wane inji ne wannan na 70,000 da ba wanda ya taɓa gani. Haka nan ka leƙa asusun gyare-gyare ta ɗaya fuskar, domin kuskuren yana faruwa a juye: a sayi sabon inji a rubuta shi gyara, riba ta faɗi ba gaira ba dalili.

Gyara: debit gyare-gyare 70,000, kiredit injuna 70,000. Banki ba ruwansa, tunda an riga an rubuta fitar kuɗin daidai. Riba ta koma 115,000.

Kurakuran da kwastoma ke gano maka

Akwai guda biyu da galibi ba akanta ke gano su ba, mutumin da aka tura wa takardar bashi ne.

Na farko, adadin ya gurɓata tun daga tushe. An sayar da kayan 58,000 bashi, mai shigarwa ya juya lambobin ya rubuta 85,000 a littafin ciniki na yau da kullum. Daga wannan littafin ake kwashewa zuwa laja, don haka 85,000 ta tafi debit na kwastoma, ta tafi kiredit na ciniki. Kuskure ɗaya ya haifi 'ya'ya biyu masu kama ɗaya. Ciniki ya ƙaru da 27,000 na ƙarya, bashin da ake bin mutane ma haka.

Masu koyon aikin sukan ji cewa idan bambanci ya rabu da 9 ba saura, to mai yiwuwa juya lambobi aka yi. Gaskiya ne, 27 ta rabu da 9, haka duk bambancin da ke tsakanin lamba da juyayyiyarta. Sai dai dabarar tana buƙatar bambancin da za a raba, kuma a nan gwajin balas bai ba ka ko ɗaya ba. Za ta yi maka amfani ne ranar da kwastoma ya ce 58,000 ya sani, kai kuma littafinka ya ce 85,000. Gyaran shi ne debit ciniki 27,000, kiredit kwastoma 27,000, riba kuma ta sauka zuwa 88,000.

Na biyu, kuɗin wani ya shiga sunan wani. Wannan na taɓa shan kunyarsa. Muna da kwastomomi biyu masu suna kusan iri ɗaya, suna bin juna a jerin laja. Ɗaya ya biya 40,000, ni kuma na sauke a layin na ƙasansa. Ƙarshen wata komai ya yi balas, na tura takardun tunatarwa. Washegari da safe wani dattijo ya shigo riƙe da rasit ɗinmu, bai ɗaga murya ba, ya dai ajiye shi a gabana ya sa yatsa a kan hatimi ya ce, "Ɗana, wannan ba hannunka ba ne?" Hannuna ne kuwa. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, laifina ne." Shi kuma ɗayan, wanda littafi ya sauke masa bashin da bai biya ba, ko tari bai yi ba, kuma ban ga laifinsa ba tunda ba a aika masa da komai ba.

Irin wannan bai shafi riba ba, bai ma shafi jimlar bashin da ake bin mutane ba, tana nan yadda take. Shi ya sa wasu ke raina shi. Amma yana sa ka matsa wa wanda ya biya, ka ƙyale wanda bai biya ba har bashinsa ya tsufa. Maganinsa shi ne a tura wa kowane kwastoma bayanin asusunsa duk wata, har da wanda littafi ya ce ba a bin sa komai, sannan a riƙa haɗa kowane biya da takardar kayan da aka biya dominta, ba a zuba shi cikin asusu haka kawai ba. Biyan 40,000 da ya sauka a asusun da babu takardar 40,000 a cikinsa ya isa ya sa ka dakata.

Biyu da suka rage

Wani lokaci asusun daidai ne, adadin daidai ne, ɓangarorin ne aka musanya. Kwastoma ya biya 15,000 ta banki. Maimakon debit banki, kiredit kwastoma, sai aka yi akasin haka. Littafi ya nuna kamar mu ne muka ba shi kuɗi. Abin lura a nan shi ne gyaran. Mutane da yawa suna shigar da 15,000 su tashi, alhali wannan ya goge kuskuren ne kawai, bai rubuta biyan ba. Sai an ninka: debit banki 30,000, kiredit kwastoma 30,000. Takardar bayanin banki ce ke fallasa shi, domin za ka tarar banki ya fi littafinka da 30,000, ka yi ta neman shigarwar 30,000 ba ka samu ba. Idan haka ta faru, raba biyu ka nemi rabin.

Na ƙarshe shi ne kurakurai biyu da ba su san juna ba su rufa wa juna asiri. An tara asusun albashi an rage 10,000, an tara na masu bin mu bashi shi ma an rage 10,000. Ɗaya a hagu, ɗaya a dama, sai suka kashe juna. Wannan ya fi faruwa a littafin hannu, kuma ya fi son lambobi masu sifili da yawa, irin waɗanda ake samu idan an manta abin da aka riƙe a ka wajen tarawa. Kwatanta asusun albashi da takardar biyan ma'aikata zai nuna 250,000 ne ba 240,000 ba. Riba ta sake raguwa da 10,000.

Yanzu mu sake jera gwajin. Banki 450,000, waɗanda muke bi 253,000, injuna 830,000, sarin kaya 1,245,000, albashi 250,000, haya 120,000, gyare-gyare 130,000, jimlar hagu 3,278,000. A dama, jari 1,000,000, ciniki 1,823,000, masu bin mu 455,000, jimla 3,278,000. Ya yi balas, kamar yadda na farko ya yi. Amma ribar da ta fara a 280,000 ta dawo 78,000, bashin da ke kan kamfani kuma ya tashi daga 350,000 zuwa 455,000. Da za a ajiye maka takardun biyu a gabanka ba tare da wani bayani ba, babu abin da zai nuna maka wacce ce ta gaskiya.

Idan kuma bai yi balas ba

Wannan labari ne mai daɗi fiye da yadda ake zato, domin aƙalla littafi ya yi magana. Kurakuran da yake kamawa su ne masu ƙafa ɗaya: an yi debit an manta kiredit, an rubuta 58,000 a nan 85,000 a can, an sa ƙafa biyun a ɓangare ɗaya, an tara ba daidai ba, ko an tsallake wani asusu wajen kwashewa. Fara da sake tarawa. Sannan nemi shigarwa mai adadin bambancin, in babu ka nemi rabinsa, in babu ka gwada rabawa da 9.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne asusun wucin gadi. An yarda a ajiye bambancin a cikinsa don aiki ya ci gaba kafin a gano tushensa. Amma na sha ganin an zuba bambanci a ciki, jimla ta daidaita, kowa ya manta, har shekara ta zagayo. Wannan kitso ne a kan ƙwarƙwata. Wasu ma sukan ce ai bambancin bai taka kara ya karya ba, 500 ne kacal, a share shi. Ba na yarda da wannan sai an bincika, domin 500 na iya zama abin da ya rage tsakanin kuskuren 60,000 a hagu da na 59,500 a dama. Ƙanƙantar bambanci ba ta nuna ƙanƙantar kuskure.

Manhaja ta sa gwajin ya ƙara yin shiru

Wanda ke aiki da manhajar lissafi ya kamata ya san cewa gwajin balas ɗinsa kusan kullum zai yi daidai, saboda manhajar ba ta karɓar shigarwar da debit da kiredit ɗinta suka bambanta, kuma ba ta kuskuren tarawa. Ta toshe kurakurai masu ƙafa ɗaya tun daga ƙofa. Abin da ya rage su ne ainihin waɗanda gwajin bai taɓa iya gani ba: takardar da ke aljihun tebur, gyaran da aka kira kadara, sunan da aka danna a jerin zaɓi alhali na ƙasansa ake nufi. Na ƙarshen nan ma ya fi sauƙin faruwa a kan allo fiye da a takarda. Don haka idan wani ya buga maka gwajin balas daga kwamfuta ya nuna maka jimla biyu iri ɗaya a matsayin hujja, bai gaya maka komai ba tukuna.

Takardar tana da amfani, amma a layukanta yake, ba a ƙasanta ba. Ajiye ta wannan watan kusa da ta watan jiya ka bi asusu ɗaya bayan ɗaya. Asusun haya da ya saba 120,000 ya koma sifili, ko ya ninka. Asusun kwastoma ya fito da ragowa a kiredit, kamar shi ke bin mu. Asusun kuɗin hannu ya nuna ƙasa da sifili, abin da ba zai yiwu ba tunda ba a fitar da abin da babu daga akwati. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan tambaya ce da sai an amsa.

Sannan kowace babbar lamba a nemo mata shaida daga wajen littafi. Ragowar banki a kwatanta da takardar da bankin ya bayar da kansa. Kaya a shiga sito a ƙirga. Kuɗin hannu a buɗe akwati a lissafa. Bashi a tambayi wanda ake bi da wanda ke bi. Injuna a je a gan su da ido. Kuma ya kamata shaidar ta zo kai tsaye daga mai ita, ba ta hannun wanda ya rubuta littafin ba. A watan Yunin 2020, kamfanin Wirecard na Jamus ya amsa cewa yuro biliyan 1.9 da littattafansa suka nuna a ajiye a wasu bankuna biyu na ƙasar Philippines da alama babu su kwata-kwata. Bankunan biyu sun ce takardun da aka nuna da sunansu na jabu ne, kuma kafin watan ya ƙare kamfanin ya durƙushe. A littafi kuwa kuɗin suna zaune a hagu, da kiredit ɗinsu a dama.

A ƙaramin kamfani, idan lokaci ya ƙure ba za a iya yin duka a wata ɗaya ba, ni nakan fara da banki, domin shi ne ya fi saurin bayar da amsa kuma kusan kowane asusu yana ratsawa ta cikinsa. Daga nan sai bayanin manyan masu kawo kaya guda biyar, sai rasit na duk abin da ya shiga asusun kadara. Ƙirgen sito da takardun kwastomomi sukan iya jira zuwa mako na biyu, amma ba na ba mai kamfani lambar riba kafin in gama ukun farko.